Yadda ake ɗinke ƙarshen bidiyo da farkonsa har mai kallo ya sake zagayowa bai sani ba

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu harkar edita. Ina yin gajerun bidiyo na girki, ina sawa a TikTok da YouTube Shorts. Jiya da daddare na kalli bidiyon wata mata tana bayanin tsaftace tukunya, sai da na ji jimla ɗaya sau biyu kafin na farga ashe bidiyon ya ƙare ya sake farawa. Ban ga inda ya yanke ba sam. Na gwada da nawa na waina, sakan 24 ne. Na buɗe da "Ƙullunki yana ƙin tashi", na rufe da "shi ya sa", don idan ya zagayo ya haɗu. Amma da na ɗora sai ga shi mahaɗar a fili take kamar facin da aka yi da farin zare a baƙin yadi. Murya ta canza, hoton ya yi tsalle, har da ɗan shiru a tsakani. A ina na kuskure?

Sadiq_Gwale:
Wa alaikumus salam. Hajiya ai wannan mai sauƙi ne. Ki kwafi bidiyon a CapCut, ki danna Reverse a kan na biyun, ki jera su. Zai tafi ya dawo.

Editan_Zoo_Road:
Malam Sadiq, wancan daban ne, shi ne mai tafiya gaba ya dawo da baya, kuma idan akwai magana a ciki muryar za ta juye ta zama shirme. Abin da Hajiya take nema shi ne wanda muke kira luf, ƙarshe ya zuba cikin farko.

Hajiya, bari in fara da tambaya. Jimlar buɗewa da ta rufewa, a ɗauka ɗaya kika yi su ko daban-daban? Ina kyautata zaton kin faɗi ta farko da kika fara aiki, ta ƙarshe kuma bayan kin gama suya.

Maman_Ilham:
Haka ne kuwa. Ta farko da safe wajen ƙarfe tara, lokacin ina haɗa ƙullu. Ta ƙarshe sai bayan la'asar da ya tashi na soya.

Editan_Zoo_Road:
To nan gizo yake saƙar. Tsakanin ƙarfe tara da la'asar rana ta sauya wuri, hasken da ke shigowa ta tagar kicin ya canza launi, muryarki ta safe ba ita ce ta yamma ba, wataƙila ma da safe akwai wuta fanka tana juyawa, da yamma janareton maƙwabta ne ke ƙara. Babu editan da zai haɗa waɗannan biyun ba a ga tabo ba.

Yadda ake yi shi ne ba a ɗinka mahaɗar, yanka ta ake yi. Ki kafa waya a kan abin tsayawa, ki danna fuskar kyamara ki riƙe har ta nuna AE/AF Lock don haske kada ya riƙa sauyawa da kansa. Sai ki faɗi ƙarshe da farko tare, a numfashi ɗaya, kamar jimla guda:

"...ruwan zafi kika zuba wa yis kika kashe shi, shi ya sa ƙullunki ba ya tashi, ki daina zargin mai niƙa."

Ki kai wannan ɗaukar CapCut, ki ja layin da yatsu biyu ya buɗe sosai, ki yi Split daidai tsakanin "sa" da "ƙullunki". Kin samu gida biyu ke nan. Wanda ya fara da "ƙullunki" ki kai shi farkon bidiyo, wanda ya ƙare da "shi ya sa" ki kai shi can ƙarshe. Duk sauran aikin, jiƙa shinkafa, niƙa, zuba ƙullu a tanda, juya waina, ya shiga tsakaninsu. Idan bidiyon ya zagayo, firem ɗin ƙarshe da na farko asalinsu maƙwabtan juna ne, hannunki yana inda yake, haske ɗaya, ƙarar ɗaki ɗaya.

Wani abu kuma, ki sa hannunki ya kasance cikin motsi lokacin da yankan zai faɗo. Ki riƙa ɗaga ludayi daga roba misali. Ido yana bin ludayin, ba ya lura da komai. Idan kina tsaye ƙiƙam kina kallon kyamara, ko ɗan motsin kai ne ya bambanta za a gani.

Malama_Hausa_BUK:
Ban san edita ba, amma na lura da wani abu a rubutun Maman Ilham wanda ya shafi harshe. Ta buɗe da "Ƙullunki yana ƙin tashi". Ku haɗa da ƙarshen ku ji: "shi ya sa ƙullunki yana ƙin tashi". Kunnen Bahaushe zai ɗan yi tuntuɓe a nan, domin bayan "shi ya sa" abin da muka saba ji shi ne "yake", ba "yana" ba. Shi ya sa nake zuwa, shi ya sa suka tafi. Idan kuma ta gyara ta ce "ƙullunki yake ƙin tashi", to ba za a iya buɗe magana da ita ba, wanda ya shigo karon farko zai ji kamar ya tarar da zance a tsakiya.

Editan Zoo Road ya kauce wa ramin, ban sani ba ko da gangan. Ya yi amfani da korewa: "ƙullunki ba ya tashi". Ita "ba ya" ba ta sauya kama, ko a farkon zance ko bayan "shi ya sa". Haka "za": "shi ya sa za ki yi asarar shinkafarki", kuma "Za ki yi asarar shinkafarki" tana tsayawa da ƙafarta. Wanda kuma yake son "yana" ko "sun" a jimlar buɗewa, sai ya rufe da kalmar da ke karɓarsu, kamar "saboda", ko "ashe", ko "na gaya miki cewa".

Editan_Zoo_Road:
Malama wallahi ba da gangan ba ne, kunne ne kawai ya zaɓa. Shekara da shekaru ina jin wasu jimloli suna ƙin haɗuwa ban san dalili ba. Allah ya ƙara ilimi.

Ibro_Damagaram:
Malama, a wajenmu nan Zinder ina jin mutane suna cewa "shi ya sa sun tafi" kuma ba wanda ke tsayawa gyara. Ina ga ya danganta da masu kallonka. Amma na yarda korewar ta fi tsira, ta yi wa kowa.

Malama_Hausa_BUK:
Ba zan musa ba Malam Ibro, magana ta baki tana da faɗi. Ni dai na faɗi abin da kunnen mutanen Kano zai kama.

Ummi_Kwalliya:
Ni matsalata daban. Na yi duk wannan, yanka ɗaya, komai ya zauna, da na ɗora sai ga baƙin allo da tambarin CapCut a ƙarshe. Mutum ɗari huɗu sun kalla kafin ƙanwata ta kira ni. Na ji kamar in yi kuka.

Sadiq_Gwale:
Anti Ummi wannan kam na sani. Shi yake ƙara wannan guntun da kansa. Ki je ƙarshen layin ki taɓa shi ki goge, ko ki shiga saitin manhajar ki kashe shi gaba ɗaya.

Mai_Sauti_Kaduna:
Bari in tsoma baki ta ɓangaren sauti, don ni a ganina kunne ya fi ido saurin kama mahaɗa. Ɗan shirun da Hajiya ta ce tana ji, yawanci abu biyu ne.

Na farko, wurin da aka yanka. Bidiyon waya galibi firem 30 ne a sakan ɗaya, wato firem uku kashi ɗaya ne cikin goma na sakan. Idan kika bar firem huɗu na shiru a wutsiya, huɗu a goshi, kin tara sama da rubu'in sakan, ga kuma ɗan jinkirin da wayar mai kallo take yi kafin ta sake farawa. Kunne zai ji. Ki danna Extract audio ki ga zanen muryar, ki yanke daf da inda zanen ya fara kumbura. Amma kada ki aske shi ƙwal, ki bar firem ɗaya ko biyu kafin kalmar farko, domin wasu wayoyin suna haɗiye ɗan farkon sauti, sai a ji "ullunki".

Kuma harafin da kalmar farko ta fara da shi yana da tasiri. "Ƙullunki" kalma ce mai daɗin yanka, domin kafin ƙ ta fito baki yana rufe iska, akwai ɗan gurbi na asali, a zanen ma za ki gan shi. Haka t, k, ɗ, b. Amma da kin buɗe da "wainarki", sai "sa" da "wai" su narke cikin juna, babu inda za ki sa wuƙa ba ki yanki nama ba.

Na biyu, kiɗa. Duk wanda ya sa Fade out a ƙarshe ya yi shela cewa an gama. Ko babu wannan, idan kiɗan ya yanke a tsakiyar bugu ya koma farko, ƙafar mai sauraro za ta sani ko da kansa bai sani ba. Lissafin ba wuya. Kiɗa mai bugu 120 a minti, bugu huɗu sakan 2 ne. Bidiyo mai sakan 24 ya ɗauki irin wannan zagayen sau 12 cif, zai koma daidai. Mai sakan 23 ba zai koma ba. Idan ba za ki iya wannan wahalar ba, ki bar kiɗan gaba ɗaya. Ƙarar mai a tanda ta ishe ki, kuma ita ba ta da farko ba ta da ƙarshe.

Maman_Ilham:
Malam Mai Sauti ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kiɗan a cikin TikTok na ɗora shi bayan na gama, ban ma duba inda ya tsaya ba.

Alhaji_Tsoho_55:
Ku gafarce ni 'ya'yana, ni tsoho ne a cikinku. Duk na karanta, abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ina sallama? Mutum ya buɗe baki a gaban jama'a da "ƙullunki ba ya tashi", ba assalamu alaikum, ba barkanku da war haka? Sannan ita kanta manufar, a ce a sa mutum ya sake kallo bai sani ba. Datar nan da kuɗi ake saye. Ni ina ganin akwai ƙamshin wayo a ciki.

Ummi_Kwalliya:
Baba gaskiya ni ma sallamar nan ta daɗe tana damuna. Ranar da na cire ta, mahaifiyata ce ta fara yi min magana.

Editan_Zoo_Road:
Baba Alhaji, maganarka abin dubawa ce. Gaskiyar ita ce sallama da baki a farko ba ta haɗuwa da wannan salon, domin da an ji "assalamu alaikum" karo na biyu kowa ya san an dawo. Wasu suna rubuta ta a bayanin da ke ƙasan bidiyo. Na taɓa yi wa wani mai koyar da gyaran waya wata dabara: jimlar buɗewa ta fara, sakan uku, sannan ya ɗago kai ya yi sallama ya ci gaba. Wanda ya zagayo zai farga a wurin sallamar, amma ya riga ya sake jin tambayar da amsarta a kansa. Ni a wurina wannan ya wadatar.

Hauwa_Lissafi:
Ina so in ɗora a kan wannan, don ya shafi batun wayo da Baba ya kawo. Ni ina duba alƙaluman tashoshi uku na 'yan'uwana a YouTube Studio. Mutum ba ya sake kallon bidiyo gaba ɗaya bai sani ba, wannan ba ya faruwa. Abin da ke faruwa shi ne yana wuce mahaɗar da sakan biyu zuwa huɗu, sai ya gane. Daga nan zaɓinsa ne, ya tsaya ko ya wuce. A zanen da ke nuna inda mutane suke kallo za ka ga farkon ya haura 100%, sai ya gangaro.

Daga gangarowar ake gane ko abin ya yi amfani. Akwai bidiyon yayana na ɗaurin rawani, sakan 20. Farkon ya haura ɗari, ya faɗo nan take bayan sakan uku. Mahaɗar ta yi kyau, amma ba wanda ya ga dalilin zama. Wani kuma na ɗinkin aljihu, Average percentage viewed ya kai 118%, kuma layin bai faɗo ba sai bayan wurin da yake juya yadin, wajen sakan na tara. Wato mutane sun zagayo, sun farga, suka ce bari in sake ganin wurin nan. Na farkon ne nake jin zai iya shiga maganar Baba. Na biyun kuwa mutum ya samu abin da ya zo nema.

Shi ya sa nake son jimlar da aka gyara wa Maman Ilham. Karon farko "ƙullunki ba ya tashi" matsala ce aka ɗora maka. Karo na biyu amsa ce, don ka riga ka ji labarin ruwan zafi.

Alhaji_Tsoho_55:
Na ji bayaninki 'yata, Allah ya yi albarka. Hankalina ya ɗan kwanta a kan data. A kan sallama dai ina nan inda nake.

Kamal_Shorts:
Ku bar dogon zance, abin da ya sa kowa ke yi kuɗi ne. Tun 31 ga Maris 2025 YouTube suke ƙirga duk sake kunnawa a matsayin kallo a Shorts. Mutum ya zagayo sau biyu, kallo biyu, kuɗi ninki biyu.

Hauwa_Lissafi:
Kamal rabin maganarka daidai ne. Ranar da ka faɗa haka take, daga nan duk farawa ko sake farawa ana ƙirga shi a lambar da jama'a ke gani. Amma tsohon ma'aunin bai tafi ba, sun sa masa suna Engaged views, kuma da shi suke lissafin kuɗi da cancantar shiga tsarin biya. Don haka lambar waje za ta iya kumbura aljihu bai motsa ba. A TikTok kuma shirin Creator Rewards bidiyon da ya haura minti ɗaya yake nema, na sakan 24 bai shiga ba ko sau nawa aka zagayo.

Kamal_Shorts:
To amma ai yana sa a tura bidiyon ga mutane da yawa.

Hauwa_Lissafi:
Tsawon lokacin kallo yana cikin abin da ake dubawa, wannan kowa ya yarda. Amma ni na ga mai 118% da ya tsaya a kallo dubu biyu, na ga mai 80% da ya yi nisa. Ba zan iya ce maka shi kaɗai ne ke tuƙa motar ba.

Ibro_Damagaram:
Ni kayana turare ne, yawancin cinikina daga sitatus na WhatsApp yake zuwa. Na gwada wannan salon can, sai abokin ciniki ya turo min saƙo wai bidiyona ya yanke, "shi ya sa me?"

Sadiq_Gwale:
Sitatus ba ya zagayowa Malam Ibro, wucewa yake zuwa na gaba. Haka idan mutum ya sauke bidiyo daga TikTok ya tura a guruf, akwai guntun tambarinsu da ke biyo baya a ƙarshe. Kuma mu nan yawancin abu ta turawa yake yawo.

Editan_Zoo_Road:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake fitar da kwafi biyu. Ɗaya mai zagaye, ɗaya mai cikakken ƙarshe na WhatsApp. Tunda jimlar a ɗauka ɗaya aka yi ta, ba wani aiki ba ne, ka bar ta ta ƙarasa kawai.

Ummi_Kwalliya:
To ina ake sa "ku biyo ni" da lambar oda? Ni ƙarshen bidiyo nan nake faɗin inda shagona yake. Idan na ba da ƙarshen ga zagaye, na rasa wurin.

Kamal_Shorts:
Rubutu a kan allo a tsakiya, ko a kwament na sama.

Ummi_Kwalliya:
Da yawa cikin masu sayen kayana ba sa karanta rubutun, da kunne suke bi. Ina ga ni zan riƙa yi a bidiyon koyarwa kawai, na talla in bar shi yadda yake.

Maman_Ilham:
Na dawo da rahoto. Yau da safe na sake ɗauka yadda Editan Zoo Road ya ce, ludayi a hannu, na cire kiɗa, na yanke a gaban ƙ. Na jera bidiyon sau biyu a layi na rufe ido na saurara, ban ji wurin ba. Na ba Ilham ta kalla, sai da ta kai inda nake wanke shinkafa karo na biyu ta ce "Mama ai kin yi wannan".

Amma ga sabuwar matsala. Da yake "ƙullunki ba ya tashi" daga tsakiyar numfashi aka ciro ta, muryata a wurin ta yi ƙasa, ba ta da ƙarfin da nake buɗe bidiyo da shi. Wanda ya shigo karon farko zai ji kamar ina magana da kaina.

Malama_Hausa_BUK:
Haka Hausa take, jimla tana farawa a sama tana gangarowa a hankali har ƙarshe. Duk abin da aka ciro daga tsakiya zai zo a ƙasa da inda mafari yake zama.

Mai_Sauti_Kaduna:
Ki ɗan dakata bayan "shi ya sa", kamar mai jan rai, ba tare da kin ja numfashi ba, sai ki ɗaga murya a kan "ƙullunki" kamar kina nuna robar da yatsa. Kuma ki ja "sa" ɗin sama, kada ki sauke ta. Dakatawar sai ki rage ta a edita. Ki yi ɗauka biyar ko shida ki zaɓa.

Editan_Zoo_Road:
Ni a nan na ɗan saɓa da Mai Sauti. Idan ta ɗaga da yawa, mahaɗar za ta sake fitowa, an koma gidan jiya. Amma idan dole a zaɓi ɗaya, Hajiya ki zaɓi ƙarfin buɗewa. Kowa yana jin farkon, ba kowa ke kaiwa ƙarshe ba.

Mai_Sauti_Kaduna:
Ana iya samun duka biyun, na sha yi. Hajiya turo min ɗaukar ba tare da kin taɓa ta ba in saurara.

Maman_Ilham:
To Malam, bari a kawo wuta in yi caji. Ƙullun ma ya ƙare, sai na sake jiƙa wata shinkafar. Anti Ummi, idan kin gwada naki na koyarwa ki sa mana a nan mu gani.